Horon Yunwa Ba Ya Maganin Ƙiba: Sharhi a Kan Jawabin Wani Mai Horarwa

A garuruwanmu na yau, da wuya mutum ya shiga kantin magani ko ya ratsa kasuwa bai ci karo da wani shayi ko wani gari da aka ce yana zubar da ƙiba cikin kwana goma ba. Amarya tana neman ta shiga kayan biki, ma'aikaci ya dawo daga asibiti da gargaɗin likita a kan hawan jini, ɗalibi kuma ya gaji da ba'ar abokai. Abin da yawancinsu ke yi iri ɗaya ne, wato su ƙaurace wa abinci kusan gaba ɗaya, su rayu a kan ruwan zafi da lemon tsami da 'yan ganyayyaki na mako biyu ko uku. Nauyi yakan sauka da sauri, amma bayan 'yan watanni sai ya dawo, wani lokaci har da ƙari. Mutum kuma sai ya ɗora wa kansa laifi, ya ce shi ne ba ya da juriya.

A wani ɗakin motsa jiki da ke cikin birnin Kano, wani mai horarwa ya tara mutanensa bayan atisayen safe, ya yi musu jawabin da bai wuce minti goma ba a kan wannan matsala. Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, wani magidanci daga cikinsu jiri ya ɗebe shi a kan keken motsa jiki, da aka bincika sai aka tarar kwanansa shida bai ci abin kirki ba. Jawabin ya cancanci sharhi, domin kusan kowace jimla da ke cikinsa tana da madogara a ilimin halittar jiki, kuma irinsa ne ya kamata jama'a su riƙa ji a maimakon tallar masu shayi.

Abin da ma'auni ke ɓoyewa

Mai horarwar ya fara ne da tambayar magidancin ko kilo nawa ya rage. Ya amsa da alfahari cewa kilo huɗu cikin mako guda. Sai ya ce masa: "Alhaji, ba ƙarya ma'auni ya yi maka ba, amma bai gaya maka ko mene ne ya fita daga jikinka ba. Yawancin abin da ka zubar ruwa ne, kuma ranar da ka koma cin tuwo zai dawo inda ya fito."

Wannan magana gaskiya ce, kuma ana iya tabbatar da ita da lissafi. Jikin ɗan Adam yana ajiye wani kaso na sukarin da ya samu daga abinci a cikin hanta da tsoka, a wata siffa da ake kira gilaikojin. A jikin baligi wannan ajiya takan kai kusan rabin kilo, kuma kowane giram ɗaya nata yana riƙe da ruwa kimanin giram uku. Da zarar mutum ya daina cin hatsi, jiki yakan fara cinye wannan ajiya kafin komai, ruwan da ke tare da ita kuma ya fita ta fitsari. Ga kuma raguwar gishiri, wanda shi ma yake riƙe ruwa, ga hanji da ya wofinta. Waɗannan kaɗai sun isa su sauke kilo biyu ko fiye ba tare da an taɓa kitse ba.

A ɗauki misalin mutum mai nauyin kilo 90, wanda jikinsa ke buƙatar kimanin kalori 2,600 a yini. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Idan ya takura kansa ya koma cin kalori 800 kacal, giɓin da ya bari shi ne 1,800 a kullum, wato 12,600 a mako. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Ke nan ko da a ce duk giɓin nan daga kitse aka cike shi, abin da zai narke bai kai kilo biyu ba. Sauran abin da ma'auni ya nuna ruwa ne da abin cikin hanji. Shi ya sa mako na farko yake faranta rai, na biyu ya sanyaya gwiwa, domin ruwan ya riga ya fita, abin da ya rage sai narkewar kitse wadda ba ta gaggawa.

A nan ne kuma asirin shayin rage ƙiba yake tonuwa. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da ganyen filasko ko danginsa, wanda aikinsa sa gudawa ne. Filasko yana aiki ne a babban hanji, alhali ƙarfin abinci an riga an tsotse shi tun a ƙaramin hanji. Abin da mutum ke asara shi ne ruwa da gishirin jiki, musamman sinadarin fotashiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Haka nan mai ɗaura leda a ciki ko sa rigar roba don ya yi gumi, ruwa kawai yake zubarwa, kofi biyu ya sha ya mayar.

Jiki ba ya sanin cewa biki ake shiri

Batu na biyu da mai horarwar ya kawo shi ne mafi muhimmanci. Ya ce: "'Yan'uwa, jikinku bai san kuna shirin biki ba. Shi dai ya ga abinci ya yanke, sai ya ɗauka fari aka shiga, ya fara tsimi kamar magidancin da rumbunsa ya kusa ƙarewa."

Masana sun daɗe da sanin wannan tsimi. A shekarun 1944 da 1945, wani masani mai suna Ancel Keys ya gudanar da bincike a Jami'ar Minnesota ta ƙasar Amurka, domin a gano yadda za a farfaɗo da mutanen da yunwar Yaƙin Duniya na Biyu ta galabaita. Samari 36 masu ƙoshin lafiya suka ba da kansu. Aka rage musu abinci zuwa kusan rabin abin da suka saba ci har tsawon mako 24, suka yi asarar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a lokacin hutu ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Bugun zuciyarsu ya yi ƙasa, suka riƙa jin sanyi ko da a lokacin zafi, suka zama masu saurin fushi, ba su da zance sai na abinci, har wasunsu suka shiga tara littattafan girki. Da aka sake musu mara kuwa, sai suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa, kuma kitsen jikinsu ya dawo ya zarce yadda yake tun farko kafin tsokarsu ta gama dawowa.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa waɗannan samari ba ragwaye ba ne, mutane ne da suka ɗauki alkawari, mafi yawansu kuma suka cika shi. Abin da ya same su aikin jiki ne, ba raunin hali ba. A lokacin ba a san hanyar da jiki ke bi ya yi haka ba, sai daga baya. A shekarar 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller suka gano wani sinadari mai suna leftin, wanda ƙwayoyin kitse ke fitarwa cikin jini don su sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. Idan kitse ya ragu, leftin yakan ragu, ƙwaƙwalwa kuma ta amsa da ƙara yunwa da rage ƙone ƙarfi. A shekarar 1999 kuma masana a Japan suka gano girelin, wanda tumbi ke fitarwa don ya tayar da sha'awar abinci.

Abin tambaya shi ne, shin wannan hali yana gushewa da zarar an daina horon yunwa? Wani bincike da aka yi a birnin Melbourne na Ostireliya, aka buga a shekarar 2011, ya ba da amsa. An ɗora mutane masu ƙiba a kan abinci ɗan ƙanƙane na mako goma, suka rage kimanin kilo 13. Bayan shekara guda cur aka sake auna jininsu, aka tarar har yanzu girelin yana sama da yadda yake tun farko, leftin yana ƙasa, su kuma suna jin yunwa fiye da da. Wato mutumin da ya gama horon yunwa yana komawa teburin abinci da cikin da ya fi neman ci, da jikin da ya fi tsimi. Ko ba a gwada ba, an san inda wannan kokawa za ta ƙare.

Akwai kuma asarar tsoka. Ƙwaƙwalwa tana buƙatar sukari a kowane lokaci, idan kuma bai zo daga abinci ba, kuma gilaikojin ya ƙare, to jiki yakan warware furotin na tsoka ya mayar da shi sukari. Mai horon yunwa da ba ya cin wake ko ƙwai ko kifi, kuma ba ya da ƙarfin motsa jiki, ya fi kowa fuskantar wannan asara. Idan nauyin ya dawo kuwa, kitse ne ke riga tsoka dawowa. Sai a wayi gari ma'auni yana nuna kilo 90 kamar da, amma tumbi ya ƙaru, hannu da cinya sun saki. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Yadda ɗabi'a mai ɗorewa take

Da ya gama rushe horon yunwa, mai horarwar bai bar mutanensa hannu rabbana ba. Ya ba su ma'auni guda na gane tsarin kirki. Ya ce: "Duk tsarin da ba za ka iya bin sa ranar suna da ranar kasuwa da ranar da ka yi baƙi ba, to ba naka ba ne. Kada ka fara abin da ba za ka iya yi shekara guda ba."

Domin a ga abin a zahiri, sai a koma ga mutumin nan mai kilo 90. A maimakon giɓin kalori 1,800, abin da yake buƙata shi ne giɓin kimanin 500 a yini, kuma zai iya samun sa ba tare da ya tsallake ko da cin abinci ɗaya ba. Idan ya saba shan kwalbar lemo guda da abincin rana, ya maye gurbinta da ruwa, ya rage kalori kusan 140. Idan yana zuba ƙaramin cokali huɗu na sukari a shayi ko koko sau biyu a yini, ya koma cokali ɗaya, ya rage kusan 100. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kusan 120, kuma mai cin shinkafa da wake da mai da yaji ya san cewa rage cokali guda ba zai ɓata masa ɗanɗano ba. Sa'an nan tafiyar sauri ta minti 30, ga mai irin nauyinsa, za ta ƙone kusan 150. Jimla ta haura 500 kaɗan.

Wannan giɓi zai sauke masa kusan rabin kilo a mako a farkon tafiya. Daga baya saurin zai ragu, domin ƙaramin jiki ba ya cin ƙarfi kamar babba, saboda haka kada ya yi lissafin cewa rabin kilon nan zai ci gaba har abada. Idan ya sami kilo bakwai ko takwas cikin wata shida, to kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kuma mafi yawan abin da ya fita kitse ne, ga shi bai daina cin tuwo da iyalinsa ba.

Ga faranti kuwa, shawarar mai horarwar ita ce a sauya rabo, ba a sauya abinci ba. Malmalar tuwo ta ragu, miya ta ƙaru, musamman ta ganye irin su kuka da zogale da alayyafo da kuɓewa. A kowane ci a sami abin gina jiki, kamar wake ko ƙwai ko kifi ko nono ko awara ko nama gwargwadon hali. Hikimar wannan ita ce furotin da harzar ganye suna daɗewa a ciki, suna jinkirta dawowar yunwa, furotin kuma yana kare tsoka. Alale da aka turara ya fi ƙosai da aka tsoma a mai, duk da cewa wake ɗaya ne. Fura da nono abinci ne mai kyau, sukarin da ake ɗura mata ne matsalar.

Sai motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2020, ta shawarci baligai da su yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Matsakaici yana nufin tafiyar da mutum zai iya magana a cikinta amma numfashinsa ya ɗan ɗaga. Mai horarwar ya nanata kwana biyun nan na ɗaga nauyi ko tsugunne-tashi, kuma yana da hujja, domin tsokar da ake aiki da ita jiki ba ya saurin cinye ta. Ya kuma ambaci barci, wanda mutane kan raina. Wanda ya kwana sa'a huɗu ko biyar yakan wayi gari da ƙarin sha'awar zaƙi da maiƙo, abin da gwaje-gwaje da dama suka nuna.

Wani zai ce kilo bakwai cikin wata shida ai bai taka kara ya karya ba. Amsar tana cikin wani babban bincike na rigakafin ciwon sukari da aka yi a Amurka, aka buga sakamakonsa a shekarar 2002. An nemi mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiyar minti 150 a mako. Cikin kimanin shekara uku, kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a tsakaninsu idan aka kwatanta da waɗanda ba su bi tsarin ba. Kashi 7 cikin ɗari na kilo 90 kuwa kilo shida ne da 'yan kai. Ashe abin da ake rainawa shi ne abin da ke tsare lafiya.

Yadda mutum zai gane inda ya dosa

Ma'auni yana hawa yana sauka da kilo ɗaya ko biyu daga yau zuwa gobe saboda ruwa da gishiri, ga mata kuma har da zagayowar al'ada. Don haka ya fi kyau a hau shi sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, a kuma duba inda lambobin suka nufa cikin wata guda. Tef ɗin tela ya fi shi faɗar gaskiya. A auna ƙugu a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, a nemi ya kasance ƙasa da rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 170, alal misali, ƙugunsa ya kasance ƙasa da 85.

Alamomin cewa an wuce gona da iri kuwa a bayyane suke. Akwai jiri idan an miƙe tsaye, da jin sanyi a hannu da ƙafa, da taurin bayan gida, da zubewar gashi bayan wata biyu ko uku, da rikicewar al'ada ga mata. Idan nauyin da mutum ke ɗagawa makon jiya ya gagare shi yau, ko kuma tunanin abinci ya hana shi aiki, to ya sani ba a kan hanya yake ba. Saurin zubar da nauyi yana kuma ƙara haɗarin tsakuwar matsarmama, domin hanta takan zuba kitse mai yawa cikin ruwan ɗaci, jakar kuma ba ta samun abincin da zai sa ta matse ta wofinta.

Inda maganar ke buƙatar gyara

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba kowane saurin rage nauyi ne ɓarna ba. A Birtaniya an yi wani bincike da aka buga a shekarar 2017, inda aka ɗora masu ciwon sukari irin na manya a kan abinci na musamman mai kalori 850 ko ƙasa kaɗan a yini, na tsawon wata uku zuwa biyar. Bayan shekara guda, kusan rabinsu sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba. To amma a dubi sharuɗɗan. Abincin an haɗa shi ne da cikakken furotin da bitamin, ma'aikatan lafiya suna duba su suna gyara musu magunguna, sa'an nan aka koma da su ga abinci na yau da kullum mataki-mataki, aka kuma ci gaba da bibiyarsu. Wannan magani ne a hannun masana, ya sha bamban da ruwan zafi da lemon tsami a ɗaki. Kuma ko a can, abin da ya raba wanda ya ɗore da wanda ya koma shi ne ɗabi'ar da ya riƙe bayan an gama.

Haka nan bai kamata a yaudari kowa cewa mai bi a hankali ya tsira daga tsimin jiki ba. Shi ma yunwarsa za ta ƙaru gwargwadon abin da ya rage, kuma shi ma yana iya komawa. Fifikonsa shi ne, ranar da ya kai inda yake so, ba ya da wani abin da zai daina, domin abin da ya kai shi can shi ne abin da zai ci gaba da yi. Mai horon yunwa kuwa dole wata rana ya daina, kuma bai koyi komai ba sai haƙurin yunwa.

Wajibi ne kuma mai horarwa ya san iyakarsa. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, idan ya rage abinci ba da sanin likita ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai juna biyu da mai shayarwa da yaron da bai gama girma ba da mai ciwon ƙoda, duk ba a ɗakin motsa jiki ake tsara musu abinci ba. Wannan mai horarwa ya kiyaye haka, domin ya rufe jawabinsa da umartar duk mai shan magani ya ga likitansa tukuna, abin da ya ƙara wa maganarsa daraja.

Kammalawa

Masu horarwa suna ganin mutanensu sau uku ko huɗu a mako, alhali likita sai an yi watanni. Saboda haka abin da suke faɗa yana da tasirin da bai kamata a bar shi kara zube ba. Ya dace sassan nazarin wasanni da na ilimin abinci a jami'o'i da kwalejoji su riƙa shirya musu gajerun kwasa-kwasai cikin harshen Hausa, su kuma masu ɗakunan motsa jiki su daina jera shayin rage ƙiba a kan kantarsu. Wanda ya yi niyyar rage ƙiba kuwa, ya auna ƙugunsa yau, ya zaɓi sauyi biyu kacal daga cikin waɗanda aka ambata, ya riƙe su wata guda kafin ya ƙara na uku. Bahaushe ya riga ya faɗa, sauri ya haifi nawa, sannu kuwa ba ta hana zuwa.